Sun yaba littafina cikin kwana biyu, sun ce in kawo naira 1,850,000

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Shekara uku ina rubuta wani labari, da daddare bayan yara sun yi barci, ya kai shafi 190 a kwamfuta. Makon jiya na ga tallar wani kamfanin wallafa a Facebook, na tura musu. Kwana biyu tsakani wata mata ta kira ni, ta ce kwamitinsu ya karanta, ba su taɓa ganin irinsa daga Arewa ba. Sai ta turo min tsari uku, na azurfa, na zinare da na lu'ulu'u. Ta ce na zinare ne ya dace da ni, naira 1,850,000. A ciki akwai tacewa, zanen bango, lambar ISBN, sa littafin a Amazon, "tallatawa a duniya", da kwafi 100 nawa. Kuma za a riƙa ba ni kashi 50 cikin ɗari na ribar abin da aka sayar. Ta ce in na biya kafin Juma'a za a rage min kashi 10. Na riga na tura 150,000 na kafin alƙalami. Maigidana ya ce kar in ƙara ko kwabo sai na tambayi waɗanda suka sani.

Auwal Rigasa: Wa alaikumus salam. Anti, 'yan damfara ne kawai. Duk kamfanin da ya ce marubuci ya kawo kuɗi ɓarawo ne, magana ta ƙare.

Anti Bilki: Kai Auwal, yi a hankali. Littattafaina huɗu, duk da kuɗina na buga su, babu wanda ya sace min komai. Marubutan Kano da muka taso muna karantawa ai da kuɗinsu suka riƙa bugawa, su kai kasuwa da kansu. In sai mun jira wanda zai buga mana kyauta, da furfura za ta riske mu da rubutu a akwati.

Baba Iro: Wa alaikumus salam. Maman Hanif, Allah ya saka wa maigidanki. Na yi shekaru sama da ashirin a maɗaba'a kafin ido ya ce in huta, bari in sa baki.

Auwal da Bilki kowa ya kama gefe ɗaya na tabarmar. Ka biya kuɗi a buga maka littafi ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne bayan ka biya, me ya zama naka. Idan Bilki ta je wurin mai maɗaba'a ta ce a buga mata kwafi 500, ta biya, to kwali-kwalin littattafan nan duka nata ne, ta ɗora a Keke ta kai gida, ta sa kuɗin da take so, ribar tata, asarar tata. Wannan ciniki ne mai tsabta, kamar ka kai wa tela yadi. Shi kuma mawallafi na gaskiya, irin yadda muka san kamfanin wallafa na NNPC da ke Zariya tun da aka kafa shi a 1966, shi yake zuba kuɗinsa, shi ya sa yake da tsantseni, yake mayar wa mutane da rubutunsu, don in littafin bai sayu ba aljihunsa ne ya ƙone. A madadin wannan kasadar yake riƙe haƙƙin bugawa, ya ba marubuci ɗan kasonsa.

Waɗannan da suka kira ki sun ɗauki mai daɗin kowane ɓangare. Kuɗin aiki daga wurinki, kamar mai maɗaba'a. Riƙe littafi da raba riba, kamar mawallafi. Ranar da kuɗinki ya shiga asusunsu sun gama cin ribarsu, ko mutum ɗaya bai sayi littafin ba. To me zai sa su yi zufa wurin sayar da shi?

Maman Hanif: Baba, ta ce suna zuba nasu kuɗin su ma, wai haɗin gwiwa ne, rabi da rabi.

Baba Iro: To ki ce ta rubuto miki nasu rabin, nawa ne kuma a kan me za a kashe shi. Ki ga yadda za ta yi ta kewaye-kewaye. Kafin nan, ina da tambaya uku. Takardar yarjejeniya tana hannunki? Ta faɗi kwafi nawa za a buga gaba ɗaya? Kuma da matar nan take yabon littafin, ta ambaci sunan ko mutum ɗaya daga cikin labarin?

Maman Hanif: Takardar tana nan, shafi huɗu, da Turanci. Na sake karantawa yanzu. Kwafi 100 nawa kawai aka ambata, sauran an ce "za a riƙa bugawa gwargwadon buƙatar kasuwa". Sunan mutanen labarin kuwa, wallahi ba ta faɗi ko ɗaya ba. Da na tambaye ta ra'ayinta kan ƙarshen labarin sai ta ce yana taɓa zuciya. Kuma ni da Turanci muka yi magana da ita tun farko, ban ma tabbata tana jin Hausa ba.

Anti Bilki: Innalillahi. Kwamitin da ya karanta shafi 190 na Hausa cikin kwana biyu ba ya jin Hausa. To ni a nan na sauka daga motar kare su.

Sadiya Barnawa: Salam, don Allah tunda ana maganar littafi, wa ya san inda ake buga rubutun hannu a kwamfuta da sauƙi? Nawa duk a littafin makaranta yake.

Auwal Rigasa: Sadiya ki min magana ta gefe, akwai wani yaro a layinmu. Mu koma kan ta Anti.

Malam Tanko mai littattafai: Ni ba marubuci ba ne, shagon littattafai gare ni, shekara goma sha ina wannan sana'a. Bari in yi wa Hajiya lissafi irin namu na 'yan kasuwa, don kashi 50 ɗin nan shi ne zumar da aka shafa a bakin tarkon.

Hajiya, duba takardar, an ce kashi 50 na kuɗin da aka rubuta a bayan littafi, ko na abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya?

Maman Hanif: Na abin da ya rage bayan an cire "kuɗin bugawa, rarrabawa da sauran ɗawainiya".

Malam Tanko mai littattafai: Na san za a rina. To mu ɗauka an sa wa littafin naira 5,000. Mu masu shago ba ma karɓar littafin sabon marubuci sai da ragi, ni nakan nemi kashi 30 zuwa 40, kuma sai an sayar ake biya, wanda bai sayu ba a zo a kwashe. Mu ce kashi 40, saura 3,000. Su cire kuɗin buga kwafi ɗaya, mu ce 1,800, ko da yake su ne za su faɗi adadin, ke ba ki da hanyar tantancewa. Saura 1,200. Rabinki 600 kenan, in ba su ƙirƙiro wata "sauran ɗawainiya" ta cinye shi ba.

Yanzu kwafi 100 da za su ba ki. Ko da kin sayar da su duka a 5,000, ba ki ba kowa kyauta ba, abin da ba zai yiwu ba don dangi da abokan aiki suna nan, kin samu 500,000. Saura 1,350,000 kafin uwar kuɗinki ta dawo. A 600 kowane kwafi, sai sun sayar da kwafi 2,250. Ni da nake zaune a shago daga safe zuwa magariba ina gaya miki, sabon littafin labari da ba ya cikin manhajar makaranta, in na sayar da kwafi ashirin a shekara sai in ce ya yi kasuwa. Kuma su ba su ma yi alkawarin buga ko kwafi na 101 ba.

A taƙaice kina shirin sayen littafinki da kanki, kowane kwafi a kan naira 18,500.

Maman Hanif: Subhanallahi. Ni da nake koyar da yara lissafi ban zauna na raba ba.

Baba Iro: Ba ke kaɗai ba ce. Yabo yana rufe ido, kuma sun san wanda ya shekara uku yana rubutu a ɓoye ƙishirwar jin "ya yi kyau" yake yi. Shi ya sa suka haɗa miki da wa'adin Juma'a, don kar ki sami lokacin yin irin lissafin Malam Tanko. Littafin da ya jira shekara uku ba zai lalace a mako biyu ba.

Bari in ƙara a kan bugun. Kalmar nan "gwargwadon buƙatar kasuwa" tana nufin babu wani tarin littafi a ajiye. Za su buga ɗarinki a ƙaramin injin da yake bugawa kai tsaye daga kwamfuta, shi kenan. A babban inji kuɗin farko ne mai nauyi, a shirya farantan bugu, a saita inji, a lalata takarda kafin tawada ta daidaita. Da an wuce nan, kowane kwafi sai ya riƙa sauƙi, shi ya sa wanda ya yi niyyar sayar da littafi da gaske yake buga 500 ko 1,000. Wanda ya tsaya a 100 ya gaya miki da bakinsa cewa bai shirya kai shi ko'ina ba.

Sannan takardar da ba ta faɗi girman littafi ba, ba ta faɗi nauyin takardar ciki ba, mai giram 60 ce ko 70 ko 80, ba ta faɗi kaurin bango ba, ba ta ce ɗinki za a yi ko gam kawai ba, wannan ba takardar aiki ba ce. Ko ƙaramin mai maɗaba'a a Tudun Wada in kika ce ya yi miki kuɗi sai ya tambaye ki waɗannan kafin ya buɗe baki, don da su ake sanin farashi. Na sha ganin littafin da aka manna da gam marar kyau, zafin watan Afrilu ya buge shi a shago, ka buɗe shafuka su zubo kamar ganyen darbejiya.

Auwal Rigasa: Amma Baba, gaskiya ISBN da Amazon ba ƙaramin abu ba ne. ISBN ce take kare maka littafi kar a sace, kuma sai kamfani ne yake iya samo ta. Wataƙila nan kuɗin yake tafiya.

Barista Zainab: Auwal, ɗazu ka ce ɓarayi ne, yanzu kuma kana nema musu hujja. Duka biyun da ka faɗa ba haka suke ba. ISBN lambar shaida ce kawai, mai alƙaluma 13, don masu shago da laburare su bambance wannan littafi da wancan. A Najeriya Laburaren Ƙasa ne yake bayar da ita, kuma marubucin da yake buga littafinsa da kansa yana iya nema, kuɗinta bai kama ƙafar abin da ake magana a nan ba. Ba ta kare komai. Haƙƙin mallaka kuwa ya zama na Maman Hanif tun ranar da ta rubuta labarin, haka dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanada, ba sai ta yi rajista ba. Tana iya shigar da shi a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka don ya zama hujja, amma ba shigarwar ce take ba ta haƙƙin ba.

Abin da yake iya raba ta da shi sa hannu ne. Doka ta ce mallaka wa wani haƙƙi, ko ba shi izinin da ya keɓanta gare shi, sai a rubuce. Wato takardar nan mai shafi huɗu ita ce wuƙar. Maman Hanif, nemo inda aka yi maganar haƙƙi ki faɗa mana abin da ya ce.

Maman Hanif: Ga shi, sashe na 6. Wai na ba su izini su kaɗai, a duk duniya, a kowane harshe da kowace siga, har da fim da sauti, na tsawon shekara goma, kuma zai sabunta kansa sai in na rubuta musu wata shida kafin ya ƙare.

Barista Zainab: To kin gani. Ke za ki biya, kuma ke za ki miƙa. In gobe wani mai shirya fim a Kano ya ga labarin ya so, ko gidan rediyo ya nemi karanta shi, ba ke za a tambaya ba. Ko ke kanki ba ki da ikon sa shi a wata manhajar karatu ki sayar. Mawallafi na gaske ma yakan nemi izini mai faɗi, amma shi ya sa kuɗinsa, kuma yarjejeniya mai kyau takan ce in littafi ya ƙare a kasuwa bai sake bugawa ba cikin wani lokaci, haƙƙi ya koma wa mai shi. Ki duba, na tabbata babu irin wannan a taki. Ki duba kuma ko an faɗi yaushe za a riƙa turo miki bayanin ciniki, da ko kina da ikon ganin lissafinsu.

Maman Hanif: Babu ko ɗaya. Akwai dai inda aka ce kamfani "zai yi iya ƙoƙarinsa" wurin tallatawa.

Barista Zainab: Iya ƙoƙari yana da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali. Hoto ɗaya a Facebook ma iya ƙoƙari ne.

Anti Bilki: Maganar Amazon kuma, Auwal, ɗana ne ya sa min littafina na uku a can daga ɗakinsa, ta shafinsu na KDP, ko sisi ba a biya wurin ɗorawa. Sai in wani ya saya suke cire nasu. Shekara biyu kenan, kwafi bakwai aka saya, huɗu ƙanwata ce da ke Ingila. Masu karanta mu suna Kaduna da Zariya da Kano da Maraɗi, a waya suke karatu ko su saya a hannu. Kuma in su suka ɗora a asusunsu, su ne suke ganin adadin da aka sayar, kuɗin ma wurinsu yake shiga.

Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ban cika faɗa ba. Littafina na farko irin wannan hannun ya faɗa, ba zan kama suna ba. Wai an tace shi. Da kwalin ya iso na buɗe, duk ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace, wasu wuraren ƙaramin akwati ne ya fito a madadinsu, don irin harafin da suka zaɓa ba shi da masu lanƙwasa. Inda na rubuta ƙofa ya koma kofa, ɓarawo ya koma barawo, wata jimla da na ce an kai ƙara ta koma an kai kara. Na kira, aka ce ai na amince da aikin. Alhali ba a taɓa turo min shafukan in duba kafin a buga ba. Da na nemi fayil ɗin da aka tsara in kai wani wuri a gyara, sai aka ce mallakar kamfani ne, sai na sake biya. Kwalin yana nan ƙarƙashin gado, kunya ta hana ni ba kowa.

Don haka Maman Hanif, ki ce su faɗa miki sunan wanda zai tace, da littafin Hausa ɗaya da ya taɓa tacewa. Ki ce su tace shafi uku ki gani.

Malam Tanko mai littattafai: Ni ma ga gwaji mai sauƙi. Su ba ki sunan littattafai biyar da suka fitar bara, da shagon da ake samunsu a Kaduna. Ki hau Keke ki je Kasuwar Shehu Gumi ko shagunan titin Ahmadu Bello ki tambaya. Mu mun san masu kawo mana kaya, don mai son sayar da littafi shi yake bin mu da rasit yana neman kuɗinsa. Sannan ki nemi marubuta biyu daga cikin biyar ɗin da kanki, kar ki yarda da waɗanda za su haɗa ki da su. Tambaya ɗaya za ki yi: bayan ƙaddamarwa, an taɓa turo maka ko naira ɗaya?

Ki lura da shafinsu ma. In duk abin da ke ciki kira ne ga marubuta su zo su cika burinsu, babu inda mai karatu zai ga littafi da farashinsa ya saya, to kin san wane ne abokin cinikinsu.

Auwal Rigasa: Sun sa hoton takardar rajistarsu ta CAC a shafin, na gani yanzu.

Barista Zainab: Rajista tana nuna akwai kamfani mai wannan suna, ba ta nuna yana sayar da littafi ba. Amma tana da amfani ta wani gefen. Maman Hanif, 150,000 ɗin, asusun kamfani kika tura ko na mutum?

Maman Hanif: Na mutum ne, sunan wani namiji. Ta ce akawunsu ne. Rasit kuma hoto ta turo ta WhatsApp, an rubuta "kuɗin tantancewa, ba a mayarwa". A waya kafin alƙalami ta ce min.

Barista Zainab: Kar ki goge komai, saƙonni da shaidar banki da tallar da kika gani. Ki rubuta musu a takarda cewa ba ki sa hannu a yarjejeniya ba, ba ki ba su izinin amfani da rubutunki ta kowace hanya ba, kuma kina neman kuɗinki cikin kwana 14. In kalmar "ba a mayarwa" sai bayan kin biya kika fara ganinta, kina da abin faɗa, kuma akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye da za a iya kai musu ƙorafi. Amma ba zan yi miki alkawarin kuɗin zai dawo ba. Wani lokaci wahalar bin sa takan fi shi.

Baba Iro: Ni dai ko bai dawo ba, an tsira da 1,700,000. Da wani ɓangare na wannan za ki biya malamin Hausa da ya san ƙa'idar rubutu ya tace miki, ki biya mai tsara shafi da mai zanen bango, kowa da nasa farashi a fili, ki karɓi fayilolinki a hannu. Sai ki zaga maɗaba'a uku da bayani iri ɗaya, kowa ya rubuta miki kuɗinsa. Farashin takarda yana motsi da dala, kar ki riƙe lissafin bara. Kuma kar a buga sai an ba ki kwafi ɗaya na gwaji kin karanta daga bango zuwa bango kin sa hannu.

Anti Bilki: Baba, a nan ne ban gama yarda da kai ba. Malamar makaranta mai yara huɗu, yaushe za ta zaga maɗaba'a uku? Akwai masu haɗa maka aikin nan duka ka biya su ladansu, kuma suna da amana. Na huɗuna haka aka yi min, na biya fiye da in da kaina na yi, amma na huta.

Baba Iro: Ban musa ba. Amma littattafan duka aka kawo miki?

Anti Bilki: Duka 500, da fayil, ISBN ma da sunana aka nema.

Baba Iro: To wannan ɗan aike kika ɗauka, kuma ya ci halaliyarsa.

Auwal Rigasa: To in kamfani ya karɓi rabin kuɗi da gaske, ya zuba rabi da gaske, ya kai littafi shaguna fa? Shi ma a guje shi?

Malam Tanko mai littattafai: In ka same shi ka kawo min shi shago in gan shi.

Barista Zainab: Akwai su, Malam Tanko, ba za a ce babu ba. Sai dai mai irin wannan ba ya jin tsoron rubuta adadin kwafi da nasa kason kuɗin a takarda, kuma yakan ce wa wasu marubutan a'a.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzun nan na tura mata tambayoyin: kwafi nawa za a buga, wa zai tace, wane shago a Kaduna, kuma a cire sashe na 6. Ta karanta, ba ta amsa ko ɗaya ba. Ta dai rubuto cewa ta yi magana da manaja, saboda ni an mayar da shi 1,400,000 in zan biya yau.

Anti Bilki: Cikin minti goma 450,000 ta zube. Ki ƙara mata tambaya ɗaya mu ga inda zai tsaya.

Maman Hanif: Barista, zan turo miki takardar ta gefe ki taya ni rubuta wasiƙar. Anti Bilki, wanda ya tace miki na huɗun yana karɓar aiki yanzu?

Anti Bilki: Yana Zariya, sai an yi hutun makaranta yake samun sarari. Zan tambaye shi gobe in sha Allahu.